Amosanin Kan Jariri: A Jiƙa Shi Da Mai, Kada A Kankare

Sati biyu ko uku bayan suna, lokacin da gashin da wanzami ya aske ya fara tofowa, uwa takan lura da wani abu a tsakar kan jaririnta. Da farko ɗan ɓawo ne fari-fari, mai maiƙo, manne da fata. Kafin a yi arba'in ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, ya rufe maɗiga da kewayenta, wani lokaci har ya sauko gira da bayan kunne. Ana wanka kullum, safe da yamma, amma yana nan. Daga nan sai maganganu su fara: wata ta ce dauɗar haihuwa ce da ba a wanke da kyau ba, wata ta ce nonon uwar ne ke da zafi, wata kuma ta ce a kira wanzami ya sake askewa a kankare shi gaba ɗaya.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake daidai. Abin da ke kan yaron amosanin jarirai ne, ɗan'uwan amosanin da ke damun manya, kuma yana cikin abubuwan da suka fi yawa a fatar jarirai ko'ina a duniya. Wani bincike da aka wallafa a Ostireliya a 2003, wanda ya duba yara sama da 1,000, ya samu cewa wajen bakwai cikin goma na jariran da ba su wuce wata uku ba suna da shi, ko da kaɗan ne. Ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba abin da uwa ta ci ba ne. Galibi yakan tafi da kansa tsakanin wata shida da shekara ɗaya, ko an yi masa wani abu ko ba a yi ba.

Alamar da ta fi kwantar da hankali ita ce yaron kansa bai san yana da shi ba. Yana shan nono, yana barci, ba ya susa, ba ya kuka idan an taɓa wurin. Mai damuwa ita ce uwa, musamman ranar da za a fita unguwa a cire wa yaro hula a gaban dangi. Wannan damuwar ce take kai hannu ga farce da mataji da aska, kuma a nan ne abin da ba ciwo ba yake zama ciwo.

Daga ina yake fitowa

A gindin kowane silin gashi akwai 'yar ƙaramar jaka da ke fitar da maiƙo don fata ta yi laushi. A jikin yaro ɗan shekara uku ko biyar waɗannan jakunkuna kusan barci suke yi, sai ya balaga su farka. Amma jariri sabon haihuwa yana zuwa duniya da ragowar sinadaran jikin uwarsa, waɗanda suka ratsa ta mabiyiya suka shiga jininsa, kuma masana suna ganin su ne ke sa jakunkunan su yi ta aiki fiye da kima a watannin farko. Fatar kowa kuwa kullum tana zubar da matattun ƙwayoyinta na sama, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya gani. Idan maiƙo ya yi yawa, maimakon su kaɗe su faɗi sai su manne da juna, wani kan wani, har su zama ɓawon da ake gani.

Akwai kuma wata ƙwayar halitta dangin yis, mai suna Malasiziya, da ke zaune a fatar kusan kowane mutum ba tare da ta cutar da shi ba. Abincinta maiƙo ne. Inda maiƙo ya taru tana ƙaruwa, kuma ana ganin tana da hannu a ɗan jan da fatar kan yi a ƙarƙashin ɓawon. A riƙe wannan batu na abincinta, don shi ne zai bayyana dalilin da ya sa mai yake gyara wa wasu, yake kuma ɓata wa wasu. Idan sinadaran uwa suka ƙare a jikin yaro, maiƙon ya ragu, sai amosanin ya rasa abin da ke riƙe da shi. Shi ya sa yake tafiya da kansa.

A fatar baƙin yaro ba lallai a ga ja ba. Wurin yakan fi sauran fata haske, ko ya ɗan fi duhu, ɓawon kuma ya yi fari ko toka-toka.

Aikin mai, da inda ake kuskure

Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san ba a kai wa ƙanzo cokali yana busasshe. Ruwa ake zuba wa tukunya a bar ta ta jiƙa, da safe ƙanzon ya saki da kansa ba tare da an ƙwarzane gindin tukunya ba. Aikin mai a kan jariri ke nan. Ba magani ba ne da ke kashe wata cuta. Yana shiga tsakanin ɓawon ne ya tausasa shi, ya raba shi da fatar da ke ƙasa, don ya fita ba tare da ya ja fata mai rai ba.

Saboda haka aikin kashi biyu ne, a shafa sannan a wanke. A gidajenmu kashin farko ba ya wahala, domin shafa wa jariri mai bayan wanka al'ada ce. Kashi na biyu ne ake bari. Ana shafa mai a kai yau, gobe a ƙara wani a kansa, jibi a ƙara, ruwan wanka kuma yana wucewa ta sama kawai saboda ana tsoron taɓa maɗiga. Sai man ya haɗu da maiƙon jiki da ƙura, ya zama sabon ɓawo a kan tsohon, ya kuma ciyar da ƙwayar nan mai son maiƙo. Uwa tana ganin tana magani, alhali ƙara masa kauri take yi. A ganina, yawancin amosanin da ake cewa ya ƙi jin mai, man ne ba a wanke ba.

Tsoron maɗiga kuwa yana da dalili, amma ya wuce gona da iri. Gaskiya ne ƙasusuwan kai ba su haɗe a wurin ba, kuma ba za su haɗe ba sai yaro ya kai wajen shekara ɗaya da rabi. Sai dai a ƙarƙashin fatar akwai wani tantani mai kauri da ƙarfi da ke kare ƙwaƙwalwa. Shafawa da tafin yatsa, ko goga burushi mai laushi, ba ya yi masa komai. Idan aka bar wurin ba wanki, nan ne amosanin zai fi taruwa, kuma abin da ake yawan gani ke nan.

Wane mai?

Wanda ya fi aminci shi ne mafi arha: basilin fari marar turare, ko farin man jarirai na kwalba marar ƙamshi. Dukansu daga man ƙasa aka tace su, kuma ƙwayar Malasiziya ba ta iya cin su. Ba sa lalacewa su yi wari, kuma da wuya fata ta ƙi su.

Man kaɗanya da man kwakwa suna tausasa ɓawo sosai, kuma su ne a hannun mutane da yawa. Idan masu tsabta ne, ba a haɗa su da turare ko wani magani ba, ana iya amfani da su, da sharaɗin a wanke su tas bayan sun gama aiki, domin mai ne na tsiro kuma ƙwayar tana samun abinci a cikinsa. Man shanu gara a bar shi a kicin, yana saurin canza wari a kai. Man alayyadi da aka saya a buɗe a kasuwa, ba a san hannun da ya bi ba, bai dace da fatar da ke da tsaga ba.

Akwai guda biyu da na san faɗinsu zai ba mutane mamaki. Na farko man gyaɗa, wanda babu gidan da ba shi. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana cewa kada a shafa shi a kan amosanin jariri. Dalili shi ne idan sinadarin gyaɗa ya shiga jiki ta fatar da ta yi rauni tun yaro bai fara cin abinci ba, jikin yana iya ɗaukarsa a matsayin abokin gaba, daga baya yaro ya ci ƙuliƙuli ko kunun gyaɗa jikinsa ya yi bori, ya kumbura, wani har numfashi ya yi masa wuya. Binciken da aka wallafa a 2003 kan dubban yara a yankin Biristol na Ingila ya samu alaƙa tsakanin shafa wa jarirai mayukan da ke ɗauke da man gyaɗa da wannan matsala. Ba kowane yaro abin zai sama ba, amma a ƙasar da gyaɗa take cikin miya da kunu da yaji, ban ga dalilin yin kasada ba tunda ga basilin.

Na biyu man zaitun. Yana da daraja a wurinmu, kuma abinci ne mai kyau. Amma kyawunsa a ciki bai sa ya dace da fatar jariri ba. Yana ɗauke da wani sinadarin mai da ke sassauta shingen saman fata, wanda ke riƙe ruwa a ciki yana hana ƙwayoyin cuta shiga. Masu bincike a Jami'ar Shefild sun nuna haka a 2013 a fatar manya da suka shafa shi kullum na wasu makonni, fatar jariri kuwa ta fi ta babba rauni. Ita ma hukumar lafiyar Birtaniya ta cire shi daga abin da take ba iyaye shawara. Wadda ta riga ta shafa sau ɗaya ko biyu ta wanke kada hankalinta ya tashi, ta dai canza.

Man zafi kowane iri, da duk abin da ke da kafur ko ƙamshin minti, ba su da wuri a kan jariri. Suna ƙona fata, suna shiga jini, kuma tururinsu yana iya takura numfashin ɗan ƙaramin yaro.

Yadda ake yi, daki-daki

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar sati bakwai. Ɓawon ya rufe tsakar kanta, faɗinsa ya kai tafin hannun babba, ruwan ɗorawa ne, busasshe a sama, akwai kaɗan kuma a girarta. Tana shan nono lafiya, jikinta ba zafi, ba ta susa, wurin ba ya tsatsar ruwa kuma ba ya wari. Irin wannan a gida ake kula da shi.

Wajen awa ɗaya kafin wankan yamma, uwar ta wanke hannunta, ta tabbata farcenta a yanke yake. Ta lakato basilin kamar rabin ƙaramin cokali, ta murza a tafin hannu ya narke, ta shafa a kan ɓawon da tafin yatsu, tana zagayawa a hankali na minti ɗaya ko biyu. Ba sai kai ya jiƙe sharkaf yana ɗiga ba, ya isa a ga ɓawon ya yi sheƙi. Idan man ruwa ne, ta kula kada ya gangara ido ko hanci ko baki, domin irin wannan mai idan ya shiga huhu yana da haɗari. Saboda wannan dalilin ne ma ake ɗora kwalbar inda yayyen jaririyar ba za su kai ba.

Sai a bar shi ya yi aiki. Ga ɓawo marar kauri minti 15 zuwa 30 sun isa. Ga mai kauri irin na wannan yarinya awa ɗaya zuwa 'yan awoyi ya fi. Idan ya yi tauri ƙwarai ana iya shafawa da dare a wanke da safe, a shimfiɗa tsohon zani mai tsabta a ƙarƙashin kanta. Kada a ɗaure kan da leda, kuma kada a sa mata hula mai kauri ta kwana da ita don mai ya kama, zafi zai yi mata yawa.

Lokacin wanka, ruwa ya zama mai ɗumi kawai, wanda idan aka tsoma gwiwar hannu ba za a ji zafi ba, wato wajen digiri 37. Ruwan da mai jego take wanka da shi ya fi ƙarfin fatar jariri nesa ba kusa ba. Kafin a sa ruwa, a ɗauki burushin jarirai mai laushi, ko sabon burushin haƙori mafi laushi da aka ware don wannan aiki, ko ƙyalle mai taushi, a goga wurin a hankali. Abin da ya tausasa zai taso da kansa ya maƙale a burushin. Abin da ya ƙi tasowa bai shirya ba, a bar shi zuwa gobe. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowacce wuyar kiyayewa, domin idan gefen ɓawo ya ɗaga, yatsa yakan so ya ƙarasa shi. Ɓawon da aka ɓamɓare da ƙarfi yana tafiya da fatar da ke ƙasa, ya bar wuri ja mai danshi, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga.

Sannan a ɗiga shamfu na jarirai marar turare kamar ƙwayar wake, a yi kumfa, a wanke kan har maɗiga, a ɗauraye sosai. Idan an shafa yatsa an ji santsin mai, a sake wankewa sau ɗaya. Basilin yana da naci, shi ya sa tun farko ba a cika shi. Sabulun salo da sabulun wankan manya da masu maganin kashe ƙwayoyin cuta duk suna busar da fatar jariri, soso kuma yana ƙwarzanarta. Idan babu shamfu na jarirai, a nemi sabulun jarirai mafi sauƙi, a sa kaɗan. A riƙe yarinya da kyau, domin hannu mai mai da jiki mai kumfa suna da santsi. A ƙarshe a tsane kan da tawul ta hanyar dannawa a hankali, kuma kada a sake shafa mai a wurin bayan wankan. Na gira da bayan kunne, ɗan basilin kaɗan da ƙyalle mai ɗumi sun isa, ba sai an kai shamfu kusa da ido ba.

A rana ta farko watakila abin da zai fita bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. A maimaita kullum ko bayan kwana bibbiyu. Cikin sati ɗaya zuwa biyu yawanci mai kaurin ya tafi, saura ɗan fari-fari. Daga nan a daina man, a ci gaba da wanke kai da shamfu sau biyu ko uku a sati ana goga burushi. Yana iya dawowa bayan wasu makonni, tunda jakunkunan maiƙon ba su daina aiki ba tukuna. Dawowarsa ba ta nufin an yi kuskure, sai a sake bin hanyar.

Abu biyu za su tayar wa uwar hankali a tsakiyar aikin, gara ta san da su tun yanzu. Za ta ga silin gashi a cikin ɓawon da ya fita, wurin ya yi kamar sanƙo. Gashin zai dawo, domin saiwarsa tana nan. Za ta kuma iya ganin fatar wurin ta fi sauran haske bayan ɓawon ya tafi. A baƙar fata wannan sananne ne, kuma launin yana komawa daidai cikin makonni ko 'yan watanni ba tare da an shafa komai ba.

A gidaje da yawa ba uwa ce ke wankan jariri ba a kwanakin jego, kaka ce ko gwaggo ko ungozoma, kuma mai haihuwar fari ba ta iya ce wa surukarta ta yi ba daidai ba. Ba sai an yi gardama ba. Ya isa ta riga ta shafa man tun kafin lokacin wanka, ta miƙa burushin tare da tawul, ta ce, "Inna, na sa mata mai ya jiƙa, wanda ya taso kawai za a share, sauran sai gobe." Tsofaffi sun fi kowa sanin amfanin jiƙo. Abin da ba za a sassauta a kansa ba shi ne aska. Sake aske kai don a kankare amosani yana yanka fata a wurare da dama da ido ba ya gani, kuma askar da ta bi kan wasu tana iya kawo abin da ya fi amosani muni, har da makero da ciwon hanta.

Lokacin da ya wuce aikin gida

Tambaya ta farko da uwa za ta yi wa kanta ba a kan ɓawon take ba, a kan yaron take. Idan jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi, ma'aunin zafi ya nuna digiri 38 ko fiye, asibiti za a tafi a ranar, ko da dare ne, ko da kan nasa ya yi kyau. Haka idan ya ƙi nono, ya yi laushi, barci ya yi masa yawa har ana tashinsa da ƙyar, ko maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ko ta faɗa ciki sosai. Waɗannan ba alamun amosani ba ne, kuma ba a jiran gobe da su.

Sai alamun da ke wurin kansa. Amosani busasshe ne ko mai maiƙo, amma ba ya jiƙa. Idan wurin ya fara tsatsar ruwa ko mugunya, ko jini, ko ya yi wari, ko fatar gefensa ta kumbura ta yi zafi, ko yaro ya fara kuka idan an taɓa, ƙwayar cuta ta shiga. Akwai wani ciwon fata da ke yin ƙuraje masu ruwa su fashe su bar ɓawo ruwan zuma, yana saurin bazuwa zuwa fuska, yana kuma kama sauran yaran gida. Launinsa yana iya rikita mutum da amosani, amma danshinsa da saurin yaɗuwarsa suna bambanta su. Wannan yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun likita cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a dakatar da mai da burushi har a gan shi.

Ƙaiƙayi ma alama ce babba. Jariri ba ya iya cewa yana jin ƙaiƙayi, amma yana nunawa: yana goga fuskarsa a bayan uwa idan an goya shi, yana murza ƙeyarsa a shimfiɗa, yana yagar kansa da farce, barci ya gagara. Idan haka ta kasance, musamman in kumatu da gaɓoɓi sun bushe sun yi kaushi, to ana zargin ciwon busasshiyar fata mai ƙaiƙayi da likitoci ke kira egzima, wanda ba shi ne ƙyasbi ba. Yakan biyo gidan da ake da asma ko yawan atishawa, kuma kulawarsa daban ce, ta dogon lokaci. Wasu yaran da amosani suke farawa sannan wannan ya biyo baya. Idan kuma ƙurajen suna tafin hannu da tafin ƙafa, ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, uwa da sauran 'yan ɗaki su ma suna susa, ƙazuwa ce, kuma duk gidan ake yi wa magani lokaci ɗaya.

Makero ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya yi yawa a tsakanin yaranmu 'yan makaranta. Ba kasafai yake kama jariri ɗan wata biyu ba, amma yana faruwa a gidan da yayye ke da shi ana haɗa mataji, hula, matashi ko askar aski. Shi yakan yi da'ira, gashin wurin ya kakkarye ya bar gajerun kututture, ɓawonsa busasshe mai kama da toka, wani lokaci da kaluluwa a ƙeya ko bayan kunne. Mai ba ya yi masa komai, man shafawa na kemis ma ba ya isa saiwar gashi inda cutar take. Maganin sha ake ba shi na makonni, gwargwadon nauyin yaro. Don haka duk ɓawon kai da ya fara bayyana bayan yaro ya shekara, ko ya ƙi tafiya bayan shekara, a kai a duba kafin a kira shi amosani.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, amma an yi sati uku zuwa huɗu ana shafawa ana wankewa yadda ya kamata ba wani canji, ko ya bazu zuwa fuska, wuya, hammata da matse-matsi, shi ma a je asibiti, sai dai ba da gaggawa ba. Akwai kuma wani haɗi da ba a cika gani ba amma bai kamata a yi sake da shi ba: ɓawo da ja sun mamaye yawancin jiki, ga gudawa da ta ƙi tsayawa, ga yaro ba ya ƙara nauyi a katin awo, ko ana ganin ɗigo-ɗigon jini a cikin ƙurajen. Wannan yana iya nuna rauni a garkuwar jiki ko wata cuta ta ciki, kuma likitan yara ne ya kamata ya gani.

Abin da likita kan bayar ga amosanin da ya yi naci ba shi da yawa. Yakan rubuta man shafawa ko shamfu mai ketokonazol na kashi 2 cikin 100 don rage ƙwayar Malasiziya, ko haidirokotizon na kashi 1 cikin 100 na 'yan kwanaki idan fatar ta yi ja ta fusata. Shi zai faɗi yawan da za a shafa da ranar da za a daina. Shamfun amosani na manya ba na jariri ba ne. Wasu suna ɗauke da sinadarin salisilik, wanda fatar jariri ke tsotsewa ya shiga jini, kuma dukansu suna ƙona ido.

Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne mayukan nan na kemis da ake kira masu haɗi uku, waɗanda ake sayarwa ba takardar likita, har wasu iyaye suna matsa su cikin man shafawar jariri don fata ta yi sumul ko ta yi haske. Yawancinsu suna ɗauke da betametazon ko kulobetazol, magunguna masu ƙarfi ƙwarai da ko babba ba a ba shi su sai da lissafi. Kwana biyu na farko wurin yakan yi kyau, shi ya sa ake yarda da su. Amma fatar jariri siririya ce, jikinsa kuma ƙarami, don haka abin da ke shiga jininsa yana da yawa. Idan aka daɗe ana shafawa fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, fuska ta kumbura ta yi zagaye, girma ya tsaya, garkuwar jiki ta yi rauni. Idan kuma asali makero ne, man yana ɓoye kamanninsa yana ba shi damar yaɗuwa, har likita ya sha wahalar gane shi.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa wa ɗanta irin wannan mai a wuri mai faɗi, kada ta ɓoye, kuma kada ta yanke shi dare ɗaya ba tare da shawara ba, domin jikin yaron yana iya sabawa da shi, likita ne zai tsara yadda za a janye. Ranar zuwa asibiti a zuba duk abin da aka taɓa shafa wa kan a leda a tafi da shi, na kemis da na gargajiya, har da kwalinsu. Kada a shafa mai a safiyar ranar, don a ga fatar yadda take. A riƙe katin awo, a kuma tuna satin da ɓawon ya fara da ko akwai wani mai susa ko mai makero a gidan, domin waɗannan ne tambayoyin da za a fara yi.